Gudu bai ƙaru ba, bugun zuciya na ta hawa: ina matsalar take?

Sadiq K.: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya kan dogon gudu. Na yi sassarfar ɗumama jiki ta minti 15, sannan na kama gudu ɗaya na awa guda cur, minti 6 kowace kilomita, a kan titi shimfiɗaɗɗe nan Kano, daga ƙarfe 7 na safe. A farkon awar agogo na nuna bugu 142 a minti, a ƙarshenta ya kai 161, alhali ban ƙara sauri ko kaɗan ba. Matsakaicin rabin farko 146, na rabi na biyu 157. Shekaruna 29. Zuciyar ce ke gajiya, ko agogon ne ke ƙarya? Kuma wanne zan bi, saurin da na tsara ko bugun?

Nura Mai Keke: Wa alaikumus salam. Ƙarancin ruwa ne kawai, Sadiq. A wannan wata na Afrilu gumi na zuba, jini na yin kauri, zuciya dole ta ƙara ƙoƙari. Ka riƙa shan ruwa sosai kafin ka fita da kuma a hanya, za ka ga layin bugun ya miƙe.

Koci Ɗanladi: Kafin a zargi ruwa ko zuciya, sai mun san da me ka auna. Agogon hannu ne mai koren haske a ƙasa, ko bel ɗin ƙirji? Kuma ka dubi zanen bugun a manhaja: a hankali yake hawa kamar gangaren tudu, ko tsalle ya yi lokaci ɗaya? Agogon hannu idan ya yi sako-sako yakan rikita bugun jini da takun ƙafa, sai ka ga ya yi tsalle zuwa 165 ko 170 ya zauna can, domin adadin takun yawancin masu gudu a minti ke nan. Wannan ba abin da muke magana a kai ba ne.

Sadiq K.: Bel ɗin ƙirji ne, Koci, kuma na jiƙa shi kafin na ɗaura. Hawan a hankali ne, kusan bugu ɗaya duk minti uku, babu tsalle.

Malama Hadiza: To ma'aunin ya zauna. Abin da ka gani sananne ne, in za ka nema a intanet ka rubuta `cardiac drift`. Yana farawa ne bayan kamar minti 10 zuwa 15 na aiki mai matsakaicin ƙarfi, kuma kowa na yinsa, har zakarun duniya. Bambancin yana ga yawansa.

Tsokokin ƙafarka a gudun minti 6 suna buƙatar wani adadin jini a kowane minti, kuma muddin saurin bai canza ba, buƙatar ba ta canzawa sosai. Jinin da zuciya ke turawa a minti shi ne yawan bugu sau abin da take fitarwa a kowane bugu. Mu ƙaddara, don misali kawai, buƙatarka lita 16 ce a minti. A bugu 142, kowane bugu na fitar da kusan mililita 113. Idan abin da ke fita a kowane bugu ya sauka zuwa mililita 100, to ba yadda za a cika lita 16 ɗin sai bugu ya kai wajen 160. Wato ba aikin ne ya ƙaru ba, ludayin ne ya ƙanƙance, sai aka ƙara yawan ɗiba.

Abin da ke ƙanƙantar da ludayin shi ne zafi da gumi. Daga makamashin da tsoka ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai ke zama motsi, sauran duk zafi ne da ya zama dole a fitar. Hanyar fitar da shi ita ce a kai jini fata, a kuma yi gumi. Gumin nan daga ruwan jiki ake ɗibansa, har da ruwan da ke cikin jini, don haka jinin da ke komawa zuciya na raguwa. Shi kuma zafin jikin da kansa yana sa zuciya ta ƙara sauri, ko da ruwa bai ragu ba, kamar yadda mai zazzaɓi ke kwance a gado bugunsa na sama.

Nura Mai Keke: Ai maganata kenan, Malama. Ruwa ne.

Malama Hadiza: Rabin maganar kenan, Malam Nura. A 1992 Montain da Coyle sun sa masu tseren keke tuƙi na awa biyu a ɗaki mai zafin digiri 33, sau huɗu, kowane karo da adadin ruwan sha daban. Sun ga gwargwadon nauyin da mutum ya rasa ta gumi, gwargwadon hawan bugunsa da zafin jikinsa. Wannan ya gaskata ka. Amma shan ruwa rage hawan yake yi, ba ya kawar da shi gaba ɗaya, domin ko tankinka cike yake, in jiki na ɗumama bugu zai hau. Kai da kake hawa keke ka fi kowa sanin wannan: ka ɗora keken a kan abin horo cikin ɗaki ba fanka, ka sha duk ruwan da kake so, ka ga yadda bugu zai yi. Ka kunna babbar fanka a gabanka washegari, ƙarfin tuƙi ɗaya, ruwa ɗaya, ka kwatanta.

Kuma "sha sosai" ba shawara ba ce mai aminci a dogon tsere. Wanda ya sha fiye da abin da ya zubar, na awanni huɗu ko biyar, gishirin jininsa na iya tsinkewa, ya fara ciwon kai da amai da ruɗewa, har ta kai ga halaka. Alamarsa ita ce ya gama tsere nauyinsa ya ƙaru maimakon ya ragu.

Koci Ɗanladi: Shi ya sa sikeli ya fi hasashe. Sadiq, ka taɓa auna nauyinka kafin gudu da bayansa?

Sadiq K.: Ranar na auna. Kilo 68.4 kafin fita, 67.0 da na dawo, ba riga, na goge jiki. A hanya na sha kamar mililita 300, ledar fiya wata ɗaya ce ban shanye ba.

Koci Ɗanladi: Madalla, yanzu muna da abin lissafi. Ka rasa kilo 1.4, wato kashi 2 cikin 100 na nauyinka. In ka haɗa da mililita 300 da ka sha, guminka ya kai wajen lita 1.7 a minti 75, kusan lita 1.4 a awa. Abin da aka saba gani shi ne duk kashi 1 cikin 100 na nauyi da aka rasa a zafi yana ƙara bugu uku zuwa biyar. To naka kashi 2 zai iya ɗaukar alhakin bugu 6 zuwa 10. Amma kai daga 142 ka tafi 161, bugu 19 kenan. Ragowar sai a nema a wurin rana, domin ka fara ƙarfe 7 ka gama bayan ƙarfe 8, kuma a bazarar Kano zafin ƙarfe 8 ba na ƙarfe 7 ba ne. Kana gudu yanayin na ƙara zafi, to rabinka na biyu ba a yanayi ɗaya aka yi shi da na farko ba.

Ga yadda ake fitar da adadin hawan. Ka zubar da minti 15 na ɗumama jiki, ka raba awar gida biyu, kowane rabi ka raba sauri da matsakaicin bugu. Minti 6 a kilomita daidai yake da mita 166.7 a minti.

```
166.7 / 146 = 1.142
166.7 / 157 = 1.062
(1.142 - 1.062) / 1.142 = 0.070
```

Kashi 7 cikin 100 kenan. A manhajar bibiyar horo ta TrainingPeaks shi ne abin da suke rubutawa `Pa:HR` ga masu gudu, `Pw:HR` ga masu keke da ke auna ƙarfin tuƙi. Wani koci mai suna Joe Friel ne ya yaɗa ƙa'idar cewa ƙasa da kashi 5 na nuna jiki ya riƙe wannan saurin da kyau. Naka ya haura, amma a irin wannan zafi ban ɗauke shi hukunci a kan ƙarfinka ba.

Alhaji Garba: Salamu alaikum. Ku gafarce ni, ni ba mai gudu ba ne, tattaki nake yi da yamma. Shekaruna 61, ina da hawan jini, ina shan magani. Na ga kuna ta maganar hawan bugu. Wato kenan duk wanda ya daɗe yana tafiya jininsa hawa yake yi? In haka ne gara in rage tattakin.

Likita Aminu: Wa alaikumus salam, Alhaji, ranka ya daɗe. Abu biyu ne daban. Hawan jini shi ne ƙarfin da jini ke matsa bangon jijiya, wanda ake aunawa da abin ɗaurawa a dantse. Su kuma suna maganar yawan bugun zuciya a minti. A wannan abin da ake tattaunawa ma, yayin da bugu ke hawa, matsin jinin ɗan sauka yake yi, ba hawa ba. Don haka kada ku bar tattaki saboda wannan hira.

Sai dai maganinku ya shafi batun ta hanya biyu. Idan cikin magungunan akwai irin atenolol ko ɗan uwansa, yana danne bugun zuciya, don haka agogo ba zai nuna muku gaskiyar wahalar da jiki ke sha ba. Ma'auninku shi ne numfashi: in kuna iya yin magana da cikakkiyar jimla kuna tafiya, kuna kan daidai. Idan kuma akwai mai sa yawan fitsari, ruwan jikinku zai fi saurin raguwa a zafi, jiri na iya kama ku lokacin da kuka tsaya cak. Ku nuna wa likitan da ke duba ku kwalayen, ku gaya masa lokacin da kuke fita. Kada ku canza komai da kanku.

Alhaji Garba: Na gode, Likita. Allah ya saka da alheri. Zan duba kwalayen.

Malama Hadiza: Tunda Likita ya ambaci atenolol, akwai wani gwaji da aka yi da shi wanda ya birkita tsohuwar fahimta. Shekaru da dama bayanin Loring Rowell aka fi riƙewa: jini na taruwa a jijiyoyin fata don fitar da zafi, abin da ke komawa zuciya ya ragu, sai bugu ya hau don cike giɓin. Wato raguwar ludayi ce sanadi, hawan bugu kuma sakamako. A 1999 Fritzsche da Coyle da abokan aikinsu a Jami'ar Texas da ke Austin suka ba masu tuƙa keke ɗan ƙaramin adadin atenolol, daidai wanda zai hana bugun ci gaba da hawa. Da bugun ya tsaya, sai abin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu ya daina raguwa, alhali jinin da ke zuwa fata bai bambanta ba.

Ma'anarsa, hawan bugun da kansa yana rage cikar zuciya. Sadiq, a bugu 142 kowane bugu na da daƙiƙa 0.42, a 161 ya koma 0.37, kuma yawancin abin da aka yanke daga lokacin cika ake yanke shi. Kamar mai ɗiban ruwa a famfo ne da ke janye bokiti kafin ya cika. Ni a ganina duka biyun na aiki, kuma wanda ya rinjaya ya danganta da zafin wurin da yawan ruwan da aka rasa. Masana ba su gama rufe wannan babin ba.

Usman Agege: Malama, in dai buƙatar tsoka ba ta canza ba, kuma jinin da ake turawa a minti yana nan yadda yake, to mene ne abin damuwa? A bar bugu ya yi ta hawansa, mu ci gaba da gudunmu. Ni a ganina lamba ce kawai a agogo.

Malama Hadiza: Tambayar ta yi kyau, Malam Usman, kuma da can mutane da yawa haka suka ɗauka. Matsalar ita ce bugu na da rufi. Idan iyakar Sadiq ta kusa 190, a 142 yana da sarari mai yawa a sama, a 161 ya cinye kaso mai tsoka daga ciki ba tare da ya ƙara sauri ba. A 2005 Wingo da abokan aikinsa a Jami'ar Georgia sun auna wannan a zafin digiri 35. Tsakanin minti na 15 da na 45 na tuƙi a ƙarfi ɗaya, bugu ya hau da kashi 12 cikin 100, abin da ke fita a kowane bugu ya sauka da kashi 16, sannan iyakar iskar da jiki ke iya amfani da ita ta sauka da kashi 19. Kenan saurin bai canza ba, amma ƙarfin mai gudun ya ragu, sai saurin ya zama kaso mafi girma na abin da ya rage masa. Gudun da aka fara a matsayin mai sauƙi ya koma mai nauyi. A zafi, bugun gaskiya yake faɗa.

Usman Agege: To mu a Legas ina muka dosa? Zafinmu bai kai na Kano ba a ma'auni, amma awa ɗaya riga sharkaf take, har takalmi na tsiyaya.

Koci Ɗanladi: Gumin da ya tsiyaya ƙasa asara ce zalla, Usman. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. Lita ɗaya in ta bushe tana tafiya da zafin kusan kilokalori 580, in ta ɗiga ƙasa ruwan ya tafi zafin na nan. A iskar Legas mai laima kana biyan kuɗi biyu, ga rashin ruwa ga rashin sanyi, shi ya sa digiri 29 a can ke iya ɗaga bugu fiye da 33 a busasshiyar iska. A Arewa kuma tarkon na hunturu ne: gumi na bushewa nan take, riga a bushe, mutum ya zaci bai zubar da komai ba, sai sikeli ya nuna kilo ɗaya ya tafi.

Wanda ya yi horonsa a sanyin Jos zai je tseren Legas na watan Fabrairu, ya san lambobinsa na gida ba za su yi aiki a can ba. Sabo da zafi na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 na motsa jiki a cikinsa, kamar awa guda kullum a sauƙaƙe. Cikin makon farko ruwan jini ke ƙaruwa bugu ya fara sauka, gyaran gumi kuma ya fi jinkiri.

Sadiq K.: Na fahimci sanadin. Saura tambayata ta biyu, Koci. In bugu ya fara hawa, in rage gudu in riƙe bugun, ko in riƙe saurin in ƙyale shi?

Koci Ɗanladi: Ya danganta da abin da ka fito yi ranar. In ranar gudu mai sauƙi ce, manufarta a tara lokaci a ƙafa ba tare da an ci bashin gobe ba. Ka sa wa kanka rufi, misali 150, in ka taɓa shi ka sassauta, ko da ya zama 6:20 ko 6:30 a kilomita. Babu abin da ka rasa. In kuma ranar gwada saurin tsere ce, ƙafa na buƙatar ta koyi wannan takun, to ka riƙe saurin ka bar bugu ya hau da kamar 8 zuwa 10, muddin numfashi na nan daidai. Amma irin wannan horon a kai shi lokacin da ya fi sanyi, kada a yi shi rana ta take.

A tseren kilomita 42 kuwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da bugun da ya kamata a gama da shi. In ka san bugunka zai hau da 10 ko 15 kafin ƙarshe, sai ka bar masa wuri tun daga farko. Wanda ya kai 165 a kilomita ta 8 ba shi da inda zai hau a ta 30.

Malama Hadiza: A nan na ɗan saɓa da Koci. Ranar saurin tsere, barin bugu ya hau da 10 yana da kyau in ana cikin sanyi. In zafi ne ya ɗaga shi, to ba horon da aka nufa ake yi ba kuma, an haura mataki, kuma farfaɗowa za ta fi tsawo. Ni da zan rage saurin da daƙiƙa 10 zuwa 15 a kilomita, ko in gutsuttsura aikin a riƙa hutawa a inuwa ana zuba ruwa a kai da wuya.

Koci Ɗanladi: Malama, in tseren da kansa a zafi za a yi shi, sai yaushe jiki zai ɗanɗana haɗuwar saurin da zafin? Ban ce kowane mako ba, amma sau biyu ko uku kafin tsere ina so ɗan wasa ya ji shi, ya san a wane bugu abubuwa ke fara lalace masa.

Malama Hadiza: Ga wanda ya riga ya saba da zafi, kuma da mai sa masa ido, na yarda. Ga wanda ya fara gudu bara, ban yarda ba.

Bilkisu A.: Don Allah, Malama, ni nawa yakan bambanta daga mako zuwa mako ko da hanya ɗaya ce da lokaci ɗaya. Wani makon bugu na sama da kamar biyar tun daga farko.

Malama Hadiza: Ki rubuta ranakun al'adarki kusa da lambobin, ƙanwata. A rabin wata na biyu, bayan fitar ƙwai, zafin jiki na hawa da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, bugu ma yakan ɗan ɗaga. Ki kwatanta gudun da aka yi a mataki ɗaya na wata. Amma ki lura, wannan farawa ne daga sama, ba lallai hawan cikin gudun ya ƙaru ba. In bambancin bai bi wata ba, ya kuma zo da kasala da haki a abin da da ba ya ba ki wahala, a duba yawan jininki.

Likita Aminu: Bari in ja layi tsakanin abin da kuke aunawa da abin da ke kawo mutum wurinmu. Hawan da Sadiq ya bayyana a hankali yake zuwa, bugun na tafiya daidai, kuma in ya tsaya ko ya koma tafiya sai ya fara sauka cikin minti ɗaya zuwa biyu. Wannan ba ciwon zuciya ba ne.

Abin da ba na so a kira shi da wannan suna shi ne bugu ya yi tsalle daga 145 zuwa 190 ko 200 cikin 'yan daƙiƙoƙi, a bel ɗin ƙirji mai kyau, mutum ya tsaya amma ya ƙi sauka, sannan can ya faɗo lokaci ɗaya kamar an kashe makunni. Ko mutum ya ji bugun ya rikice, ba tsari. In haka ta faru a sa yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu don a tabbatar ba na'urar ba ce, a adana zanen, a je asibiti a yi gwajin zuciya na ECG. Ciwo ko matsi a ƙirji, haki da ya fi ƙarfin aikin, jiri, ko suma ana cikin gudu, duk waɗannan a tsaya nan take, a ga likita kafin a sake fita.

Na biyu shi ne zafi ya ci ƙarfin jiki. Bugu na hawa alhali gudu na raguwa, tsikar jiki na tashi a cikin rana, ciwon kai, tangaɗi, magana ta fara sauka daga layi. Kada a jira gumi ya ɗauke, mai gudu na iya kasancewa sharkaf da gumi yana cikin haɗari. Ruɗewa ita ce babbar alama. A kai shi inuwa, a cire kayan da suka yi yawa, a yi ta kwara masa ruwa mafi sanyi da aka samu ana fifita, da ƙanƙara in akwai, ana sanyayawa ana neman mota. Kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa a baki.

Abu na ƙarshe da ya shafe mu a nan: wanda bugunsa na hutu ya ƙaru da kamar 10 da safe, ko hawan ya ninka a hanyar da ya saba, ya tuna da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini. Ba a gudu da zazzaɓi a jiki. Masu ɗauke da AS kuma su ƙara kula da haɗuwar zafi da ƙishirwa da aiki mai tsanani.

Nura Mai Keke: To da azumi fa, Likita? Akwai masu fita da la'asar sakaliya su dawo daf da shan ruwa.

Likita Aminu: Wanda ya fita a wannan lokacin ya wuni awa goma sha biyu ko fiye ba ruwa, wato ya fara daga inda Sadiq ya ƙare. Bugu zai fara sama, ya kuma hau da wuri. In dole ne, minti 30 zuwa 40 a sauƙaƙe, kusa da gida, a bi rufin bugu ba sauri ba. Dogon gudu a mayar da shi dare, bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Kuma kada a yi gwajin kashi 5 ɗin nan da azumi a baki a ce ana auna ƙarfi, ƙishirwa kawai za a auna.

Sadiq K.: Na dawo da sakamako. Na sake yin gwajin bayan kwana shida, hanya ɗaya, minti 6 a kilomita, amma na fita da an idar da sallar asuba, na gama kafin rana ta ɗaga. Na sha leda ɗaya da rabi a hanya, kamar mililita 750, kurɓi-kurɓi. Rabin farko 141, na biyu 146. Nauyi ya ragu da kilo 0.6 kawai. In lissafina daidai ne, kashi 3.4 cikin 100 kenan.

Koci Ɗanladi: Lissafin daidai ne. Kenan minti 6 a kilomita bai fi ƙarfinka ba na tsawon awa guda. Da ya fi ƙarfinka, da ko a sanyi da ruwa sai ya haura 5, kuma numfashi zai yi ta nauyi tare da bugun, domin in an wuce matakin da tsoka ke iya daidaitawa, buƙatar iskar ma ƙaruwa take yi. Mataki na gaba, ka tsawaita zuwa minti 90 a wannan saurin ka ga a wane minti layin ke fara karkata. Wannan mintin ya fi kason amfani ga mai shirin dogon tsere.

Nura Mai Keke: Ya ƙara ruwa fiye da ninki biyu, hawan ya ragu da rabi. Ni har yanzu ruwan nake gani.

Malama Hadiza: Ya canza abu biyu a tare, lokaci da ruwa, don haka wannan gwajin ba zai raba mana gardama ba. Ku duba ma, guminsa ya sauka daga lita 1.7 zuwa wajen 1.35, sanyin ne ya yi wannan, ba ledar ba. Sadiq, in kana da haƙuri, ka yi sau biyu kuma: ɗaya da asuba da mililita 300 kawai, ɗaya ƙarfe 7 da mililita 750. Ka bar kwana biyu aƙalla tsakaninsu, barci da karin kumallo da shayi su zama iri ɗaya, ka rubuta zafin gari a farko da ƙarshe. Ka yi su kafin ruwan farko ya sauka, domin da laima ta shigo lambobin ba za su kwatantu da na Afrilu ba.

Sadiq K.: To, Malama. Na asubar zan fara yi ranar Talata in sha Allahu, na ƙarfe 7 kuma Asabar.